Kwalbar Sirof da Ledar Gishiri: Abin da Yaro Mai Gudawa Yake Buƙata a Zango

Duk wanda ya taɓa zama a bencin wani shagon kemis a garin Zango da yammacin wata ranar damina ya san yadda cinikin yake tafiya. Mace ta zo da goyo, ko kuma a aiko yarinya da kuɗi a ƙulle a bakin gyale, a ce wa mai shago: "Malam, yaro ne yake zawo tun jiya, a ba mu maganin da zai tsayar." Mai shago ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwalbar filajil, wani lokaci ya haɗa da saftirin. Idan da sauran canji ya ɗora ledar gishiri da sukari a kai, kamar gyara. Idan babu canji, ledar ce ake bari.

An juya lissafin ne. Abin da aka mayar gyara shi ne maganin, kwalbar da aka biya kuɗi mai yawa a kanta kuwa, a mafi yawan lokuta, ba ta da aikin da za ta yi a cikin yaron. Zango ba ta fi sauran ƙananan hukumomin masarautar Daura wannan ɗabi'a ba, haka abin yake a Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa, haka yake idan an tsallaka iyaka zuwa ƙasar Damagaram. Sai dai a wuri irin Zango, inda ƙauyuka da dama suke nesa da babban asibiti, abin da aka yi wa yaro a gida a awannin farko shi yake yanke hukunci, domin kafin a sami abin hawa a isa Daura, yini ya riga ya tafi.

Abin da yake kashe yaro mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, kuma lissafinsa ba shi da wuya. A ɗauki misalin yaro ɗan wata goma sha ɗaya mai nauyin kilo 8. Fiye da rabin wannan nauyi ruwa ne. Idan ya zubar da abin da ya kai kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa, wato mililita 400, ƙasa da ledar fiyawata guda, alamun bushewa sun fara bayyana. Idan asarar ta haura kashi 10 cikin ɗari, mililita 800, yana bakin halaka. Yaron da yake zawo sau takwas ko goma a yini, ga amai, ga zafin gari, yana iya kaiwa can cikin kwana ɗaya ko biyu. Kuma ba ruwa kaɗai yake fita ba, yana tafiya da gishirin jiki, sodiyam da fotasiyam, waɗanda zuciya da jijiyoyi suke aiki da su. Kwalbar filajil, ko da a ce ta dace da ƙwayar cutar, ba ta mayar da ko cokali ɗaya na wannan asara.

Hikimar ledar gishiri da sukari, wadda ake rubuta ORS a jikinta, tana cikin wata ƙofa da ke bangon hanji. A shekarar 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa hanji yana da hanyar da yake shigar da gulukos da sodiyam tare, ɗaya ba ya wucewa sai da ɗayan, ruwa kuma yana bin su a baya. Abin da aka gano daga bisani shi ne wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko da gudawa ta rikita sauran hanjin, har a cikin kwalara. Ke nan idan aka ba yaro ruwa mai ɗauke da gishiri da sukari a ma'aunin da ya dace, hanjin da yake zubar da ruwa ta wani gefe zai riƙa tsotse shi ta wani. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka tabbatar da haka a kan masu kwalara a Dhaka. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, wani likitan yara mai suna Dilip Mahalanabis ya haɗa gishiri da sukari a cikin durom ya sa dangin marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-macen da suke kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. Ba a cikin asibiti mai na'urori aka yi wannan ba, a cikin laka da cunkoso aka yi shi, da hannun mutanen da ba su taɓa karatun likita ba.

Ledar da ake sayarwa yau ba irin ta wancan zamani ba ce daidai. A farkon shekarun 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rage ƙarfin haɗin, bayan gwaje-gwaje sun nuna cewa mai sauƙin gishiri da sukari yana rage amai da yawan bayan gida, yana kuma rage yaran da ake komawa a yi musu ƙarin ruwa da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Ledar lita ɗaya tana ɗauke da giram 13.5 na gulukos da giram 2.6 na gishirin miya, sai fotasiyam da wani sinadari mai gyara tsamin jini, duka nauyinta giram 20.5. Waɗannan lambobi suna da amfani ne saboda abu ɗaya: an auna su ne a kan lita ɗaya ta ruwa, kuma a nan ne kuskuren gida mafi haɗari yake aukuwa.

Uwa mai tausayi takan ga cewa lita guda ta yi wa jariri yawa, sai ta juye ledar duka a cikin kofi ɗaya don maganin ya yi ƙarfi. Abin da ta haɗa ya ninka gishirin da ake buƙata sau uku ko huɗu. Ruwa mai kauri irin wannan yana janyo ruwa daga jikin yaro zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru, gishirin jini ya hau, har ta kai ga jijjiga. Wata kuma takan tsakuri kaɗan daga ledar ta zuba a ruwa da ido, ta ƙulle sauran don gobe, ba ta san ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Ma'aunin da kowa yake da shi a Zango a yau shi ne ruwan leda: kowace ɗaya rabin lita ce, biyu sun cika lita. A juye su a kwano mai tsabta da murfi, a zuba ledar gishirin gaba ɗaya, a motsa. Akwai ƙananan ledoji da aka yi don rabin lita, saboda haka a duba abin da aka rubuta a jiki kafin a haɗa. Inda babu ruwan leda, a tafasa na rijiya ya huce. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Tsofaffin ma'aikatan lafiya suna tuna zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, lokacin da aka cika rediyo da koyar da haɗin gida na gishiri da sukari, ana auna ruwan da kwalaben lemo. Wannan koyarwa ta ceci yara da yawa, amma ta bar ruɗani, domin cokula ba girmansu ɗaya ba, kwalabe ma sun sauya. Haɗin gida da aka fi sani yanzu shi ne ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin cokalin gishiri, a lita ɗaya. Ba shi da fotasiyam, kuma hannu yakan zarce, don haka matsayinsa na riƙon ƙwarya ne kafin a sami leda. Idan an ɗanɗana aka ji ya fi hawaye gishiri, an yi kuskure. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace na kwali ba sa maye gurbinsa: sukarinsu ya yi yawa, gishirinsu ya yi kaɗan, suna ƙara gudawar ne.

A koma ga yaron mai kilo 8. A ce ya fara zawo da asuba, ruwa-ruwa, babu jini, yana wasa, yana shan nono. A wannan mataki ba ya buƙatar komai sai a riƙa mayar masa da abin da ya fita: bayan kowace gudawa a ba shi mililita 50 zuwa 100 na haɗin, kwatankwacin rubu'i zuwa rabin kofin shayi, a ƙara yawan shayarwa, a ci gaba da ba shi kunu da duk abin da ya saba ci. Wanda ya wuce shekara biyu ana ninka masa. Yawancin yaran da aka yi wa haka tun daga gudawar farko ba sa kaiwa mataki na gaba.

A ce kuma ba a yi ba, an tsaya jiran sirof ya yi aiki. Washegari da hantsi yaron ya zama mai rigima, ba ya yarda a ajiye shi, idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, idan an kawo ruwa yana wawurar kofin. Ma'aikacin lafiya zai kama fatar cikinsa da yatsa biyu ya ɗaga ya saki, ya ga tana komawa a hankali maimakon nan take. Biyu daga cikin alamun nan, rigima da faɗawar ido da ƙishirwa mai tsanani da jinkirin fata, sun isa a ce ruwan jikinsa ya ragu. Ƙa'idar ita ce a ba shi mililita 75 a kan kowane kilo cikin awa huɗu, kuma an fi so a yi hakan a ɗakin shan magani a gaban ma'aikaci. Ga mai kilo 8, mililita 600 ke nan, wato 150 a kowace awa. Ƙaramin cokali yana ɗaukar mililita 5, saboda haka aikin ya koma cokali ɗaya kowane minti biyu, har awa huɗu.

A nan ne maganin yake da tsada, kuma ba da kuɗi ake biya ba. Mace ce za ta zauna awa huɗu da yaro mai kuka a cinya tana ɗura masa cokali-cokali, alhali ga girki, ga sauran yara, ga gona idan damina ce. Sirof cokali ɗaya ne safe da rana da dare, an gama. Duk wanda yake mamakin abin da ya sa iyaye suke fifita kwalba bai taɓa yin wannan zama ba. Sa'annan ga amai, wanda shi ne yake karya gwiwar yawancin iyaye: an ba yaro ya dawo da shi, sai a ce cikinsa ba ya karɓa, a daina. Abin da ya kamata shi ne a dakata minti goma, a ci gaba a hankali fiye da da. Yaron da yake amai yakan riƙe mafi yawan abin da aka ba shi kaɗan-kaɗan, kofi guda da aka kafa masa a baki ne yake dawowa. Bayan awa huɗu a sake dubawa. Idan ya yi fitsari, ya sake, ido ya ciko, a koma tsarin gida. Idan fatar idonsa ta kumbura, ya sami isasshe, a tsaya da haɗin a ba shi nono da ruwa.

Akwai iyakar da ledar ba ta wucewa, kuma sanin ta yana cikin sanin maganin. Yaron da ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya kasa sha, ko fatar cikinsa ta tsaya fiye da daƙiƙa biyu kafin ta koma, ya wuce aikin cokali. Ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata, yanzu, kuma idan yana iya haɗiya a riƙa ba shi haɗin a kan hanya. Haka nan wanda yake amai da duk abin da ya shiga bakinsa, da mai zazzaɓi, domin a damina zazzaɓin cizon sauro yakan zo da gudawa, sai an gwada jini. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa ba a jinyar gudawarsa a gida.

Raunin ledar a idon uwa shi ne ba ta tsayar da zawo. Ita ta zo neman abin da zai tsayar, an ba ta abin da zai hana yaro bushewa, ta koma gida yaro yana ci gaba da ɓata zane. Wannan giɓi ne zinki ya zo ya cike. A watan Mayu na 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa duk yaro mai gudawa a ba shi zinki tare da ledar: miligiram 20 a rana ga wanda ya kai wata shida, rabin haka ga wanda bai kai ba, har kwana 10 zuwa 14. Zinki yana taimaka wa bangon hanji ya farfaɗo, yana ƙarfafa garkuwar jiki. Hukumar ta ƙiyasta cewa yana rage tsawon gudawa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, yana rage yawan abin da ke fita, kuma idan an cika kwanakin yana rage yiwuwar sake kamuwa har wata biyu zuwa uku. Amfaninsa ya fi bayyana ga yaran da abincinsu ba shi da wadatar zinki, kuma yaron da aka yaye a kan kunun gero da tuwo, nama da ƙwai sai jefi-jefi, yana cikinsu.

Ƙwayar tana narkewa a cokalin ruwa ko na nono cikin ɗan lokaci. Matsalolinta biyu ne. Ta farko, wasu yaran suna amai bayan sun sha, musamman da cikin wofi, don haka a ba su bayan nono ko abinci. Wani babban gwaji da aka yi a Indiya da Tanzaniya, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa miligiram 5 ko 10 suna aiki kamar 20 da ƙarancin amai, kuma sabuwar shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkata ga rage adadin, ko da yake ƙwayar da ke kan kantuna har yanzu mai 20 ce. Ta biyu ta fi yawa: zawo ya tsaya a rana ta uku, sai a ajiye sauran katin. Kariyar watannin gaba tana cikin kwanakin da aka yar.

Alƙaluman ƙasa sun nuna inda aka tsaya. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya sami cewa kashi 40 cikin ɗari na yara masu gudawa ne aka ba ledar gishiri da sukari, waɗanda suka sami ledar da zinki tare kuwa kashi 23 ne. Shekara biyar kafin nan zinki bai wuce kashi 2 ba, ke nan an yi tafiya, amma yara uku cikin huɗu ba sa samun cikakken magani mai arha wanda ba ya buƙatar firji ko allura. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kwalin da ya haɗa ledar da zinki wuri ɗaya cikin jerin muhimman magunguna, don kada a sayi ɗaya a bar ɗaya.

Saura tambayar da kowa yake yi: in dai ƙwayar cuta ce ta kawo gudawar, me zai hana a kashe ta? Amsar farko ita ce antibayotik bakteriya yake kashewa, babban mai haddasa gudawa mai tsanani ga jarirai kuwa bairos ne, wanda ake kira rota. Wani bincike da aka yi a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, ciki har da Mali da Gambiya, aka wallafa a 2013, ya sa rota a kan gaba ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu. Babu filajil ko saftirin da yake taɓa shi. Rigakafi ne maganinsa, kuma Nijeriya ta shigar da shi cikin rigakafin yara na kyauta a watan Agusta na 2022, ɗigo a baki a sati na 6 da na 10 da na 14. Amsa ta biyu, ko inda bakteriya ce, yawancin gudawa mai ruwa tana warkewa da kanta cikin kwanaki kaɗan, jiki yana korar cutar idan an riƙe masa ruwa.

Wannan warkewa da kai ita ce ta gina sunan sirof. An fara ba yaro a rana ta biyu, zawo ya lafa a ta huɗu, kamar yadda zai lafa ko ba a ba shi komai ba, yabo ya tafi ga kwalba. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Irin wannan daidaituwa ce ta haifi maganar zawon haƙori: watannin da haƙori yake tsirowa su ne watannin da yaro yake rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ana fara ba shi abinci bayan nono. Illar sunan ita ce yana sa a ɗauki gudawar abin da ba ya kisa, a jira haƙori ya fito.

Masu kare kwalba sukan ce ko ba ta yi amfani ba, ai ba ta cutar. Tana cutarwa. Hanjin yaro cike yake da bakteriya masu amfani, antibayotik ba ya tantancewa, kuma gudawa tana cikin sanannun illolinsa. Filajil yana tayar da zuciya, yana ɓata ɗanɗanon baki, ga yaron da ake roƙo ya sha ya ci. Kafson nan ja da rawaya da ake ɓarewa a zuba a kunu, tetirasaikilin, yana ɓata haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara takwas. Ƙwayoyin tsayar da zawo na manya sun fi duka haɗari, suna iya tsayar da motsin hanjin jariri cikinsa ya kumbura. Sai illar da ba a gani a gida ɗaya: duk shan da aka yi ba bisa ƙa'ida ba horo ne ga bakteriya. Saftirin da amfisilin a da su ne maganin atuni, yanzu ƙwayar shigela da ke kawo shi ta bijire musu a wurare da yawa, har aka koma wasu magungunan. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya danganta mutuwar mutum miliyan 1.27 a 2019 kai tsaye ga bijirewar bakteriya, kuma yankin da abin ya fi muni gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma.

Duk da haka babbar illar kwalba a Zango ita ce kwanciyar hankalin da take kawowa. An sayi magani, an ba yaro, an sauke nauyi. Kuɗin ledar sun tafi, awannin cokali sun wuce ana jira.

Akwai inda antibayotik wajibi ne, kuma wuraren ƙidayayyu ne. Idan akwai jini a bayan gida, atuni ne, a kai yaro wurin ma'aikacin lafiya ya rubuta wanda ya dace, wanda a mafi yawan lokuta ga ƙananan yara ba filajil ba ne. Idan kwalara tana gari, kamar a 2021 da aka ƙirga fiye da mutum dubu ɗari a Nijeriya kuma Katsina tana cikin jihohin da ta taɓa, mai gudawa kamar ruwan shinkafa da ya bushe sosai ana ba shi antibayotik, amma bayan an fara mayar da ruwa. Yaro mai tamowa mai tsanani, wanda ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, hukuncinsa daban ne gaba ɗaya: yana buƙatar antibayotik, har haɗin gishirinsa na musamman ne a asibiti, kuma a jihar da tamowa ta yi katutu wannan ba ƙaramin rukuni ba ne. Gudawar da ta kai kwana 14 ita ma bincike take so. A duk waɗannan, ledar da zinki suna nan, antibayotik ƙari ne a kansu.

Mai bin labaran lafiya zai iya kawo hujja daga maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar an yi gwajin raba wa yara azitiromaisin sau biyu a shekara, sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna raguwar mace-macen yara da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Gaskiya ne, amma wancan shiri ne na hukuma ga dukan yaran gari, masu lafiya da marasa lafiya, ana bibiyarsa, kuma an ga bijirewar bakteriya ta ƙaru a garuruwan. Da aka gwada maganin nan a kan ita kanta gudawa mai ruwa, ga yara fiye da dubu takwas masu rauni a ƙasashe bakwai, sakamakon 2021 bai nuna ya rage mutuwa ba, masu binciken kuma ba su ga dalilin faɗaɗa amfani da shi ba.

Ana yawan ɗora laifin a kan mai kemis, a ce riba yake bi. Akwai ƙanshin gaskiya, kwalba ta fi leda kawo kuɗi. Amma wani gwaji da aka yi a jihohin Karnataka da Bihar na Indiya, aka wallafa a mujallar Science a 2024, ya nuna wani abu daban. An tura mutane da aka horar su je wurin masu ba da magani fiye da dubu biyu a matsayin iyayen yaro mai gudawa. Masu maganin sun san ledar ce daidai, amma ba sa bayarwa, kuma babban dalilin ya fi riba da ƙarewar kaya nauyi: suna zaton iyaye ba sa so. Da mai saye ya ambaci ledar da bakinsa, bayar da ita ya ƙaru ƙwarai. Indiya ba Zango ba ce, amma yanayin sananne ne. Mai shago yana tsoron a ce bai iya aiki ba idan ya sallami uwa da gishiri, ita kuma tana karɓar abin da aka miƙo mata don tana ganin shi ne masani. Kowa yana biyan buƙatar da yake zaton ɗayan yana da ita.

A wannan gaɓa ce 'yan bokon masarautar suke da hannu, kuma ba kullum hannun alheri ba. Kusan kowane gida a Zango yana da ɗa ko 'ya a Katsina ko Kano ko Abuja da ake bugawa waya idan yaro ya kwanta. "Yaya, ƙaramin ne ba lafiya, zawo yake." Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin malamin makaranta ko ma'aikacin banki ita ce sunan maganin da shi kansa yake sha idan cikinsa ya ɓaci, sai ya tura kuɗi. Maganarsa ta fi ta ma'aikaciyar ɗakin shan magani nauyi a gidan, domin shi ne mai ilimi, shi ne kuma mai biya. Da zai yi tambaya huɗu kafin ya ambaci kowane magani, ko akwai jini, ko yaron yana sha, ko yana farke sosai, ko jikinsa da zafi, da ya san wanda za a ɗauka zuwa asibiti nan take da wanda za a jinya a gida. Ga na biyun, saƙon da za a kai shago gajere ne: leda biyu ta gishiri da sukari, katin zinki na kwana goma, ruwan leda huɗu. Sai ya sake bugowa bayan awa huɗu ya tambaya ko yaron ya yi fitsari.